Daga Littafin Sakatare Zuwa PDF Kafin Magariba: Yadda Ake Haɗa Rahoton Zama Da Waya

Kusan kowace ƙungiya a Zamfara tana da mutum guda da ake miƙa wa biro da littafi idan an zauna taro. Sau da yawa shi ne mafi ƙarancin shekaru a ɗakin, ko dai ƙaramin sakatare a ofis, ko ɗalibi, ko yaron shago da aka san hannunsa na da kyau. Ana tashi sai ya sa littafin a jaka, ba zai sake buɗe shi ba sai ana gobe zama na gaba. A lokacin ne zai tarar ya rubuta "kuɗi 115, M. ya ce a'a", shi kansa kuma bai san ko wane M. ba ne, Musa ko Mustapha ko ma'aji.

Wayar da ke hannunka ta isa ta mayar da wannan rubutu rahoton zama cikakke, wanda a ofisoshi ake kira minit, a ranar da aka yi taron. Sai dai tun daga farko ka san cewa waya ba za ta yi maka aikin ba. Rubutun hannu na taro rabin bayani ne kawai, ɗaya rabin yana cikin kan wanda ya rubuta, kuma wannan rabin ne yake gushewa da sauri. Amfanin wayar shi ne ta ba ka damar haɗa biyun tun kafin mutane su watse.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiyar masu gyaran waya ce mai mambobi 46 a Gusau da Tsafe da Bungudu. Sun yi zama a Gusau ranar Asabar, 10 ga Mayu, 2025, mutum 23 suka halarta, aka tashi da ƙarfe ɗaya na rana. 'Yan Tsafe za su kama hanyar Funtuwa, 'yan Bungudu su kama ta Sakkwato, kowa kuma yana so ya isa gida da sauran rana. Ga abin da ƙaramin sakataren ya rubuta a kan batu na uku:

"3. Hayar ofis. Gudunm. 2,500 kowa = 115. Wasu sun ce yayi yawa. Kuri'a 15/6. Za a biya kafin Juma'a mai zuwa. A sanar da yan Tsf da Bng."

Minti goma na farko: hoto, tun kafin ka tashi daga kujera

Kafin komai, ɗauki hoton kowane shafi, har da takardar da mahalarta suka sa hannu. Ya fi kyau ka yi da manhajar Google Drive maimakon kyamara zalla: latsa alamar ƙari ko ta kyamara, ka zaɓi `Scan`. Ita za ta gyara karkacewar takardar, ta haɗa shafukan cikin fayil ɗin PDF guda. Ka ɗora littafin a kan tebur kusa da taga, kada inuwar hannunka ta faɗa kansa, sannan ka rubuta lambar shafi a saman kowanne kafin ka ɗauka. Bayan ka gama, ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi da yatsu biyu a kan wata lamba. Idan kana iya bambance 1 da 7 ba tare da ka kalli littafin ba, hoton ya yi.

Wannan hoto shi ne shaidarka. Idan bayan wata uku wani ya ce sakatare ya canza magana, akwai abin da za a nuna wanda aka ɗauka a ranar. Littafi kuwa ruwan damina na iya dukansa, ko a manta shi a cikin mota a tasha.

Abu na biyu da za ka yi a cikin waɗannan mintuna ba ya buƙatar waya. Ɗauki biro mai wani launi dabam, ka zagaye duk inda kake shakka, ka tare shugaba da ma'aji tun suna ɗakin. "Ranka ya daɗe, wace Juma'ar aka tsayar, ta 16 ko ta 23?" Tambaya ce ta daƙiƙa goma yanzu. Gobe sai ta zama kira uku zuwa Tsafe, wataƙila ma ka samu amsa iri biyu.

Me ya sa ba za ka bar wa Google Lens aikin ba

Na san abin da da yawa za su fara tunani: ai sai a haska takardar da Google Lens, a kwafe rubutun, a liƙa. Lens na iya karanta rubutun hannu, kuma idan hannun ya fita sarai yana rage maka wahalar bugawa. Amma yana da wurare biyu da yake yawan tuntuɓe, kuma su ne wuraren da rahoton zama ya fi dogara da su.

Na farko haruffa masu lanƙwasa. A rubutun gaggawa, yawancinmu ba ma sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, idan ma mun sa, manhajar kan mayar da su k da d da b. A hira ta yau da kullum ba komai, mai karatu zai gane. A takardar ƙungiya kuwa, "an kai maganar fada" da "an kai maganar faɗa" ba abu ɗaya ba ne: ɗaya gidan sarki aka nufa, ɗaya kuma batun rigima aka gabatar. Haka "baki" da "baƙi", haka "kafa" da "ƙafa".

Na biyu lambobi. Alamar naira da aka rubuta da sauri tana iya rikiɗewa ta zama wani harafi, waƙafi ya zama aya, 1 mai ƙugiya a ka ta zama 7. A misalinmu, 115 na iya fitowa 175, kuma babu jan layi da zai bayyana a ƙarƙashinsa ya gargaɗe ka, domin a wurin waya duk lamba daidai ce.

Hanyar gane kuskuren ita ce lissafi, ba sake kallon takardar ba. Mambobi 46, kowa ₦2,500, ya kama ₦115,000. Idan abin da ke kan allo ya nuna 175, ka san ba haka ba ne. Haka ma ƙuri'a: 15 da 6 sun ba da 21, alhali mutum 23 suka sa hannu. Ina mutum biyu? Ko dai sun ƙi jefawa, ko sun fita kafin a kaɗa, ko an yi kuskuren ƙirga. Dole rahoton ya faɗi wanne ne, kuma yau ce kaɗai ranar da za ka samu wanda ya tuna.

Ra'ayina shi ne, idan rubutun bai wuce shafi biyu ko uku ba, bugawa da hannu ta fi sauri a kan gyaran abin da manhaja ta kwafo. Dama ba kwafar rubutun za ka yi ba, sake gina shi za ka yi.

Kafin ka fara, sa madannin Hausa. A Gboard, shiga `Settings`, sai `Languages`, sai `Add keyboard`, ka nemi `Hausa`. Daga nan za ka samu ƙ da ɗ da ɓ, kuma madannin zai daina mayar maka da kalmomin Hausa zuwa na Turanci, wanda shi kansa babbar hanyar shigar kuskure ce.

Matsalar "za a"

Nan ne ainihin aikin yake, kuma babu manhajar da za ta ɗauke maka shi.

Hausa tana da wata hanya mai daɗi ta faɗin abu ba tare da an ambaci mai yin sa ba. An ce, an amince, za a biya, a sanar. A zaman taro wannan ladabi ne, ba a son a nuna mutum da yatsa a gaban manya. Amma idan ka kwashe shi haka ka zuba a rahoto, ka samar da takardar da ba ta ɗaure kowa ba. "A sanar da 'yan Tsafe da Bungudu": wa zai sanar? Idan Juma'a ta zo ba a sanar ba, shugaba zai ce aikin sakatare ne, sakatare ya ce ya ɗauka wakilan garuruwan ne za su yi.

Don haka duk jimlar da ta fara da "za a", ka yi mata tambaya huɗu: wa, me, nawa, yaushe. Idan ka rasa amsar ɗaya, to ba a tsayar da shawara ba tukuna, kuma haka za ka rubuta: an tattauna, ba a yanke ba, an ɗaga zuwa zama na gaba. "Za a duba" ba ƙuduri ba ne, komai yawan kan da aka gyaɗa.

Maganar lokaci ma haka take. "Jibi" a ranar 10 ga wata yana nufin Litinin 12, amma wanda ya buɗe takardar bayan mako biyu ba zai tsaya lissafi ba. "Juma'a mai zuwa" wasu ta wannan makon suke nufi, wasu ta sama. "Daren Juma'a" a wurin mutane da yawa daren Alhamis ne wayewar Juma'a. "Bayan Sallah" kuwa ba shi da iyaka. Kowanne ka mayar da shi rana da kwanan wata, kuma ka rubuta sunan watan da haruffa. Idan ka sa 10/05/2025, wanda wayarsa ko kwamfutarsa ke kan tsarin Amurka zai iya karanta shi 5 ga Oktoba.

Sai kuɗi. Idan ma'aji ya ce "dubu ɗari da hamsin", a baki kowa ya san ₦150,000 yake nufi, amma a rubuce ana iya ja a ce ₦100,050 ne. Wani dattijon kuma da jaka zai yi maka lissafi, jaka ɗaya naira 200. Rubuta kowane adadi sau biyu, da lamba da kuma haruffa, kamar yadda ake yi a takardar banki.

Ga yadda batu na uku zai koma bayan an yi tambayoyin:

"3. Hayar ofis. Ma'aji ya gabatar da shawarar kowane mamba ya ba da gudunmawar ₦2,500 domin biyan hayar ofishin ƙungiya. Daga mambobi 46, jimilla za ta kama ₦115,000, wato naira dubu ɗari da dubu goma sha biyar. Wasu mahalarta sun nuna cewa kuɗin ya yi yawa. An kaɗa ƙuri'a: 15 sun amince, 6 sun ƙi, 2 ba su jefa ba. Ƙuduri: kowane mamba zai biya ma'aji ₦2,500 zuwa ranar Juma'a, 16 ga Mayu, 2025. Wakilin Tsafe da wakilin Bungudu za su sanar da mambobin garuruwansu zuwa ranar Litinin, 12 ga Mayu, 2025."

Ka lura da abin da bai shiga ba. Ba a rubuta wanda ya ɗaga murya ba, ba a rubuta wanda ya ce shugabanni na cin kuɗi ba. Rahoton zama yana adana abin da aka yanke ne da taƙaitaccen dalilinsa. Sai fa idan mutum ya nemi a rubuta cewa shi bai yarda ba, to wannan haƙƙinsa ne, a sa sunansa da matsayinsa cikin jimla ɗaya. Ka kuma lura ba a ƙara komai ba. Idan ba a tsayar da wanda zai sanar ba a zaman, ba sakatare ne zai naɗa wani daga ɗakinsa ba, komai kyawun niyyarsa.

A ofisoshin gwamnati, inda ake magana da Hausa amma takardar ta fita da Turanci, shawarata ita ce ka fara kammala wannan mataki da Hausa, sannan ka fassara. Wanda ya haɗa warware rubutu da fassara a lokaci guda, a nan ne "za a duba" ke rikiɗewa ta zama an amince.

Ka shirya kamar babu sabis

Mutumin Zamfara ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A farkon Satumbar 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira na tsawon makonni. Ko a ranakun da babu irin wannan, sabis na iya ɗaukewa a hanya, wuta kuma ba ta da tabbas. Tsarin da ya dogara da intanet a kowane mataki zai tsaya maka a ranar da ka fi buƙatarsa.

Saboda haka tun kafin ranar taro ka tanadi fom na rahoto wanda babu komai a ciki sai kanun: sunan ƙungiya, rana da wuri, lokacin farawa, mahalarta, waɗanda suka ba da uzuri, amincewa da rahoton zaman baya, batutuwan ajanda, lokacin tashi, da gurbin sa hannun shugaba da sakatare. Idan da Google Docs kake aiki, latsa ɗigo uku da ke gefen fayil ɗin ka kunna `Make available offline`, domin ya buɗu ko babu data. WPS Office, wadda ke cikin wayoyi da yawa, tana aiki kai tsaye daga ma'ajiyar waya. Google Lens kuwa yawanci yana son intanet, wani dalili ke nan na kada ka ɗora aikinka a kansa.

Da fom a hannu, rahoton zaman awa biyu bai kamata ya ci maka fiye da awa ɗaya ba. Idan an tashi ƙarfe ɗaya, ka yi Azahar, ka ci abinci, ka zauna. Kafin La'asar daftari ya kammala. Ka rage hasken allo, ka rufe manhajojin hira, caji kashi talatin zai kai ka.

Sunan fayil da yadda za a tura shi

A matsayina na mai rubuta manhaja, wannan ne wurin da na fi tsanantawa, domin duk wanda ya taɓa neman fayil a cikin tarin masu suna `Document(7)` ya san zafin abin. Fara sunan da shekara, sai wata, sai rana, domin waya ta jera su da kanta bisa tsarin lokaci:

```
2025-05-10_zama_asali.pdf
2025-05-10_zama_daftari1.pdf
2025-05-10_zama_amintacce.pdf
```

Na farko hoton rubutun hannu ne, na biyu abin da ka buga, na uku wanda aka amince da shi aka sa wa hannu. A sunan fayil kaɗai nake guje wa haruffa masu lanƙwasa, saboda wasu tsofaffin kwamfutocin shagunan buga takardu suna rikicewa da su.

A Google Docs na waya, latsa ɗigo uku, sai `Share & export`, sai `Save as`, ka zaɓi PDF. Akwai dalili biyu na yin haka. PDF ba ya canzuwa don yatsan wani ya goge layi bisa kuskure, sannan yana tafiya da siffar haruffansa. Idan ka kai fayil ɗin Word shagon da kwamfutarsu ba ta da irin rubutun da ka yi amfani da shi, ƙ da ɗ na iya fitowa da wata siffa dabam ko su zama ƙananan akwatuna a takarda. Ka buɗe PDF ɗin da kanka ka duba kafin ka tura.

Shugaba za ka fara tura wa, shi kaɗai, ba zauren ƙungiya ba. A WhatsApp ka zaɓi `Document`, kada ka ɗauki hoton allo ka tura, domin manhajar tana matse hotuna har ƙananan lambobi su dushe. Idan babu sabis kuma kuna gari ɗaya, Quick Share ko Xender ko Bluetooth sun wadatar. Ka gaya masa daidai abin da kake so ya duba, wato adadin kuɗi da ranaku da sunayen waɗanda aka ɗora wa aiki. Idan ka ce kawai "a duba", zai amsa maka da "madalla" ba tare da ya buɗe ba.

Kada kuma ka ɗauki saƙon da aka buga a zauren WhatsApp a matsayin rahoto. Wanda ya tura saƙo yana iya gyara shi cikin minti 15, yana iya goge shi ga kowa, idan kuma an kunna saƙonni masu ɓacewa, komai zai tafi bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90.

Abin da bai kamata ya shiga zaure ba

Rahoton da ya shiga wayoyi 46 ya fita daga hannunka. Ana sayar da waya, ana sace ta, ana ba ƙani aro. A yankin da mutane ke taka-tsantsan da hanyoyin Tsafe da Bungudu, takardar da ta ce wane ne zai ɗauko kuɗin mambobi a hannu, ranar kaza, daga gari kaza, ba ƙaramin ganganci ba ce. Irin wannan bayani ya tsaya a kwafin da ke hannun shugaba da ma'aji. Wanda za a raba wa kowa ya ɗauki ƙudurin kawai: nawa za a biya, ga wa, zuwa yaushe.

Haka takardar halarta mai ɗauke da lambobin waya da adireshi. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma lambar wayar mutum da adireshinsa suna cikin abin da take karewa. A rahoton da za a raba, suna da muƙami sun isa.

Daftari ne har sai an amince

Ko da shugaba ya duba kafin Magariba ya ce ya yi, abin da ke hannunka daftari ne, kuma ya kamata kalmar ta fito a saman shafin farko. A al'adar taruka, rahoto yana zama tabbatacce ne idan an karanta shi a zama na gaba, wani ya gabatar da a amince, wani ya goyi baya, shugaba ya sa hannu. Ga kamfanoni masu rajista, dokar CAMA ta 2020 tana ɗaukar rahoton da shugaban taro ya sa wa hannu a matsayin hujjar abin da ya gudana. Ƙungiyoyi da ofisoshi kuma kowa da abin da tsarin mulkinsa ko ƙa'idar aikinsa ta tanada, sai ka duba naku.

To me aka ci da yin sa a ranar, tunda sai an jira? An ci cewa wakilin Bungudu ya ga ranar 12 ga wata a gaban aikinsa tun daren Asabar, ma'aji ya san ₦115,000 zai tara ba ₦175,000 ba, wanda kuma yake ganin an yi masa ba daidai ba ya yi magana tun mutum 23 na tune da abin da aka faɗa.

Idan gyara ya zo, kada ka buɗe fayil ɗin farko ka goge. Yi sabon kwafi, ka sa masa `daftari2`, ka rubuta a ƙasa abin da aka canza da wanda ya nema. Bayan an sa hannu a takarda, sake ɗaukar ta da `Scan`, wannan ne zai ɗauki suna `amintacce`. Ka ajiye shi a wuri biyu aƙalla, misali Drive na ƙungiya da wayar shugaba, kada ya zauna a asusunka na kanka kaɗai, domin wata rana za a canza sakatare. Littafin rubutun hannun kuma a miƙa shi tare da sauran takardun ofis, kada a yage ko shafi ɗaya daga ciki.